Babi na Bakwai: Saƙon Safiyar Litinin

A tawagar masu rubuta manhaja, kammala rubutu ba shi ne kammala aiki ba. Mai rubutu yakan yi gyaransa a reshe na daban, sannan ya nemi a duba a haɗe shi da babban reshe, wanda galibi ake sa wa suna `main`. Wannan neman shi ne GitHub ke nunawa a allo da sunan `pull request`, GitLab kuma `merge request`. A nan za mu riƙa ce masa buƙatar haɗewa, ko buƙata kawai. Tsakanin ranar da aka buɗe buƙata da ranar da ta shiga babban reshe akwai tazara, kuma a cikinta ne aikin tawaga ya fi yin kwantai ba tare da kowa ya lura ba. Saƙon mako-mako da ake aika wa shugaban tawaga don wannan tazarar aka yi shi.

Mafi yawan irin waɗannan saƙonni da nake gani jerin sunaye ne kawai: ga waɗanda ke buɗe, ga waɗanda suka toshe, ga waɗanda aka amince da su. Shugaba ya karanta, ya ce madalla, ya ci gaba da harkarsa. Irin wannan jerin yana nan a allo tun kafin a rubuto shi, don haka bai ƙare shi da komai ba. Abin da allo ba ya iya faɗa masa shi ne a hannun wa kowace buƙata take a yanzu, tun yaushe, kuma wane mataki ne zai motsa ta. Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikata ya san ba a tambayar ko fayil yana nan. Ana tambayar a teburin wa yake, kuma me yake jira. Haka saƙon mako ya kamata ya kasance. Kuma a cikin buƙatun da suka tsaya, dole ne ya ware waɗanda shugaba ne kaɗai ke da ikon kwance su.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce tawaga ce ta mutum shida da ke gina manhajar biyan kuɗi, ma'ajiyarsu tana GitHub, kuma sun sa wa `main` dokoki uku: sai an sami amincewar mutum ɗaya, sai gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta sun wuce, sannan idan gyara ya taɓa fayil mai maigida, sai maigidan ya sa hannu. Safiyar Litinin ce, 14 ga Oktoba, 2024, kuma kai ne za ka rubuta saƙon.

Tattaro abin da ke ƙasa

Mataki na farko na minti biyu ne. Da manhajar `gh` ta GitHub, wannan umarnin zai fito maka da duk abin da ke buɗe:

```
gh pr list --state open --limit 100 \
  --json number,title,author,isDraft,createdAt,reviewDecision,mergeStateStatus
```

Kada ka manta da `--limit`. Idan ba ka sa shi ba, guda 30 kawai za a nuna maka, kuma da yake sababbi ne ke zuwa a sama, tsofaffin da ka fi bukatar gani su ne za a yanke.

A misalinmu buƙatu 17 suka fito. Uku suna matsayin daftari, wato masu su sun sa alamar ba su gama ba. GitHub ya kawo wannan matsayi a 2019, kuma ba a iya haɗe daftari sai an cire alamar. Huɗu na Dependabot ne, na'urar da ke buɗe buƙata duk lokacin da wani ɗakin kod da kuke dogaro da shi ya fitar da sabon juyi. Waɗannan bakwai layi ɗaya ya ishe su a saƙo, sai dai idan ɗaya daga cikin na Dependabot yana toshe wata kafar tsaro ne, to wannan sai a ɗago shi sama. Saura goma. Su ne aikin mutane da ke jiran mutane, kuma a kansu za ka kashe rabin sa'ar da saƙon ke ci.

A cikin goman, na'ura ta ce uku `APPROVED` ne, sauran bakwai kuma duk ta sa musu `BLOCKED`. Wanda ke gaggawa zai kwafe wannan ya aika: uku an amince, bakwai sun toshe. Duka alƙaluman biyu za su ɓatar da shugaba.

Toshewar na'ura da toshewar gaske

A wurin GitHub, `BLOCKED` yana nufin wata doka ta reshe ba ta cika ba tukuna. Buƙatar da aka buɗe minti biyar da suka wuce, wadda ba a kai ga duba ta ba, ita ma haka za ta nuna, alhali ba abin da ya same ta. Toshewar da ta cancanci suna a saƙo ita ce wadda mai buƙatar da mai duba ta ba za su iya kwancewa ba, ko da sun zauna yau sun ba ta yini guda. Ma'aunin ke nan: idan mutanen biyu za su iya gamawa da kansu, buƙata a buɗe take, ko da ta daɗe; idan sai wani na uku ya yanke hukunci, ko ya ba da izini, ko ya gyara wani abu a wajen kod ɗin, ta toshe.

Da wannan ma'auni, buɗe bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Uku daga ciki, #238 da #239 da #240, Alhamis da Juma'a aka buɗe su, an kuma riga an ba masu dubawa. Lafiyarsu ƙalau.

Ta huɗu, #219, ita ce gyaran da ke ƙara sabon ginshiƙi a teburin ma'amaloli na rumbun bayanai. Mutum biyu sun duba sun amince, amma maɓallin haɗewa bai buɗe ba. Dalili yana cikin fayil ɗin `CODEOWNERS`, inda aka rubuta cewa duk abin da ya taɓa babban fayil na sauye-sauyen rumbu sai mutum ɗaya tak ya sa hannu, shi kuma ya tafi hutu tun 7 ga wata, ba zai dawo ba sai 28. Ko mutum biyar suka amince, na'ura ba za ta saurare su ba. Wannan toshewa ce ta gaske, kuma ta shugaba ce. Hanyoyinta uku ne: a jira mako biyu, ko mai ikon gudanar da ma'ajiya ya tsallake dokar idan tsarinku ya yarda, ko a ƙara mutum na biyu a layin `CODEOWNERS`, domin idan suna biyu ne a layi ɗaya, amincewar ɗaya ta wadatar. A lura GitHub yana karanta wannan fayil daga reshen da za a haɗe zuwa gare shi, ba daga reshen mai buƙata ba. Don haka mai #219 ba zai iya gyara fayil ɗin a reshensa ya wuce ba. Sai an shigar da canjin a `main` tukuna. Hikimar a fili take, don kada mutum ya naɗa wa kansa alƙali.

Ta biyar, #233, gwaji ne ya kāsa. Jan tambari a kan gwaji yakan sa kowa ya ɗauka mai rubutu ne ya yi kuskure, a bar masa kayansa. Amma kafin ka rubuta komai, duba wane gwaji ne:

```
gh pr checks 233
```

Idan ka buɗe bayanan gwajin da ya fāɗi, sai ka ga ba a ma kai ga kod ɗinsa ba. Gwajin yana neman shiga dandalin gwaji na kamfanin da ke karɓar musu kuɗi, dandalin kuma ya mayar da lamba 401, wato bai yarda da mabuɗin ba. Mabuɗin ya ƙare tun Alhamis. Alamar da ke bambanta irin wannan da kuskuren kod ita ce: gwajin yana fāɗuwa a daƙiƙoƙin farko, da saƙo iri ɗaya kullum, kuma idan aka sake gudanar da shi a kan `main` kansa, wanda ya wuce a makon jiya, shi ma zai fāɗi. Mai buƙatar ba shi da izinin canja sirrin ma'ajiya. Kuma duk buƙatar da ta taɓa ɓangaren biyan kuɗi daga yanzu za ta ci karo da wannan bango. Wannan ma ta shugaba ce.

Ta shida, #227, ita ce irin da na fi gani, kuma ta fi ba ni takaici domin ba wanda ya yi sakaci da gangan. Mai dubawa ta nemi gyara ranar Litinin ta makon jiya. Mai rubutu ya yi gyaran ranar Talata, ya tura, ya koma wani aiki yana ganin ya sauke nauyi. Amma bai danna alamar sake neman dubawa ba, don haka buƙatar ba ta koma jerin abin da ke jiran mai dubawa ba. Ita tana ganin yana kan gyara, shi yana ganin tana kan dubawa. Na'ura kuwa har yanzu `CHANGES_REQUESTED` take nunawa, kuma za ta ci gaba da nuna shi har sai ita da ta nemi gyaran ta dawo ta amince, ko wani mai iko ya soke dubawarta. Yadda za ka gane irin wannan: kwatanta ranar turawa ta ƙarshe da ranar dubawa ta ƙarshe. Idan turawa ta biyo baya, aikin ya koma hannun mai dubawa, ko me allo ya ce. Wannan ba ta shugaba ba ce. Kai da kanka za ka yi wa mutanen biyu magana kafin ka aika saƙon, sannan ka rubuta cewa an yi.

Ta bakwai, #221, layi 1,900 ce a fayiloli 40, kuma mako biyu ke nan ba wanda ya rubuta ko kalma a kanta. Ba doka ce ta tare ta ba, girma ne. Binciken da kamfanin SmartBear ya yi a Cisco a 2006 ya nuna cewa mai dubawa ya fi gano kurakurai idan abin da ke gabansa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba a zama ɗaya. A Google kuma, wani nazari da Caitlin Sadowski da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya sami cewa rabin gyare-gyaren da ake dubawa ba su wuce layi 24 ba. Wanda aka miƙa wa layi 1,900 ya san yini guda zai tafi, don haka kullum sai ya ce gobe. A saƙo za ka bar ta a cikin na buɗe, amma da shawara: a raba ta, ko a ware wa mutum biyu rabin yini su zauna da mai ita.

Waɗanda aka amince da su

A ganina wannan sashe ya fi kowanne haɗari, domin shi ne wanda kowa ke karantawa da kwanciyar hankali. Koren tambari yana sa mai dubawa ya cire hannu, shugaba ya lissafa aikin cikin waɗanda aka gama, alhali ko mai amfani ɗaya bai ga gyaran ba. Kuma buƙatar da aka amince da ita ba ta zama yadda aka bar ta. Kullum `main` yana gaba, ita tana nan inda take.

Dubi ukun namu. #231 an amince da ita ranar Alhamis, matsayinta `CLEAN`, ba abin da ya hana. Mai ita sabon shiga ne, yana jiran shugaba ya danna maɓallin, shugaba kuma ya saba kowa yana haɗe nasa. Kwana huɗu sun tafi a kan abin da ba a taɓa faɗa wa yaron ba. Tawagar da ba ta rubuta a fili wane ne ke haɗewa bayan amincewa ba, za ta riƙa samun irin wannan duk wata.

#224 kuwa tun 3 ga wata aka amince da ita. Mai ita ya ce zai haɗe bayan ya gama wani abu, sai ranar Laraba aka haɗe #229 wadda ta taɓa layuka ɗaya a fayil ɗaya. Yanzu matsayinta `DIRTY`, wato akwai karo da sai an warware da hannu. Ga inda abin ke ninkuwa: tawagar ta kunna dokar nan ta `Dismiss stale pull request approvals when new commits are pushed`, don haka da zarar ya warware karon ya tura, amincewar za ta faɗi, sai an sake dubawa. Abin da danna ɗaya zai gama ranar 3 ga wata ya koma aikin mutum biyu. Idan ka rubuta wa shugaba "an amince" kawai, ka faɗi gaskiya amma ka ɓoye masa rabinta.

Ta uku, #236, ita ce tarkon. An amince, gwaji ya wuce, matsayi `CLEAN`. Amma kod ɗinta yana karanta sabon ginshiƙin da #219 za ta ƙirƙira. Gwaje-gwajenta sun wuce ne domin da rumbun bogi suke aiki. Idan wani ya ga kore ya haɗe ta yau, aka fitar da manhaja, shafin tarihin ma'amaloli zai mutu a hannun jama'a. Na'ura ba ta san wannan dangantakar ba. A cikin kan mai rubutun take, ko a wani layi na bayanin buƙatar da ba kowa ke karantawa ba. Wurinta a saƙo yana cikin waɗanda suka toshe, a ƙarƙashin #219, kuma ka roƙi mai ita ya mayar da ita daftari ko ya liƙa mata alamar kada a haɗe. Wannan misali shi kaɗai ya isa hujjar cewa mutum ne ya kamata ya rubuta saƙon. Na'ura ta tattaro, mutum ya tantance.

To lissafi ya canja. Daga bakwai a toshe da uku an amince, mun koma uku a toshe, biyu an amince, biyar a buɗe.

Ƙirga kwanaki

Kowane layi yana bukatar shekarunsa, amma wace rana za a fara ƙirgawa? Ranakun biyu da na'ura ke bayarwa cikin sauƙi duka suna da aibi. `createdAt` yana ƙirgawa daga ranar buɗewa ko da buƙatar daftari ce a lokacin: #219 an buɗe ta 27 ga Satumba, amma sai 3 ga Oktoba aka ce ta shirya, don haka ɗora mata kwanakin baya zalunci ne. `updatedAt` kuma yana motsawa da kowane sharhi, har na na'ura, sai buƙatar da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ta mako biyu ta bayyana kamar jiya aka yi aiki a kanta. Abin da ya fi amfani shi ne kwanakin aiki tun lokacin da buƙatar ta shiga hannun wanda take jira yanzu. Sai ka buɗe tarihinta ka duba, amma ga buƙatu goma wannan ba wani nauyi ba ne.

Kwana nawa ne ya yi yawa? Ƙa'idar dubawa da Google ya wallafa ta ce kada amsar farko ta wuce ranar aiki ɗaya. Tawagar mutum shida da kowa ke riƙe da ayyuka uku ba lallai ta iya haka ba. Ku zaɓi naku, kwana biyu ko uku, ku rubuta shi, domin saƙon ya daina zama ra'ayin mai rubutawa ya zama auna aiki da abin da aka yi alkawari.

Don layin waɗanda aka haɗe a makon, akwatin bincike na GitHub zai ba ka adadin:

```
is:pr is:merged merged:>=2024-10-07
```

Saƙon kansa

Ga yadda zai fita:

> Assalamu alaikum, Malam. Barka da safiya. Ga halin buƙatun haɗewa zuwa yau Litinin, 14 ga Oktoba.
>
> Abu biyu ne ke jiran hukuncinka.
>
> Na ɗaya, #219, ƙarin ginshiƙi a teburin ma'amaloli. Kwana 7 na aiki tana jiran sa hannun mai kula da rumbu, wanda ke hutu har 28 ga wata. #236, shafin tarihin ma'amaloli, tana jiranta. Ko da yake tana nuna kore, kada a haɗe ta. Shawarata a ƙara mutum na biyu a `CODEOWNERS`. Idan ka amince, faɗa mini wa, zan buɗe gyaran yau.
>
> Na biyu, #233, mayar da kuɗi. Gwaji yana fāɗuwa tun Alhamis saboda mabuɗin dandalin gwajin biyan kuɗi ya ƙare, ba saboda kod ba. Kai kaɗai ke da izinin sabunta shi. Har sai an yi, duk aikin biyan kuɗi zai tsaya.
>
> An amince, ba a haɗe ba: #231 ba abin da ya hana, mai ita zai haɗe da safen nan. #224 ta yi karo da #229. Zai warware yau, kuma za ta bukaci sabon sa hannu, mai dubawa ta san da haka.
>
> A buɗe: #221 layi 1,900 ce, mako biyu ba a fara ba, ina ganin a raba ta uku, mu tattauna a zaman yau. #227 an yi gyaran da aka nema tun Talata, an sake neman dubawa yanzu. #238, #239 da #240 sababbi ne, suna hannun masu dubawa.
>
> Sauran: daftari 3, na Dependabot 4, babu na tsaro a ciki. An haɗe 9 a makon jiya. Daga saƙon da ya wuce: #214 da ta toshe ta shiga ranar Laraba.
>
> Na gode.

Ka lura tsarin ya juya. Jerin da aka saba aikawa yana farawa da na buɗe, amma na toshe ne ke sama, domin shugaba yakan karanta shi a waya tsakanin taro biyu, kuma layuka biyar na farko ne kawai ke da tabbacin samun idonsa. Kowace lamba tana tare da 'yan kalmomin da ke faɗin abin da take yi, don ba wanda ke haddace cewa #233 mayar da kuɗi ce, kuma a saƙon gaske kowacce za ta zama mahaɗin da ake dannawa. Kowace toshewa ta zo da shawara, yadda amsarsa za ta iya zama kalma biyu. Rubuta masa "ana jiran bayani" ko "ana kan aiki" bai ba shi abin kamawa ba. Sai ya dawo ya tambaye ka bayanin wa, kuma yini ya tafi.

Layin ƙarshe, na abin da ya faru da toshewar makon jiya, kada ka yar da shi don gajarta saƙo. Shi ne ke nuna wa shugaba cewa amsarsa tana haifar da wani abu, kuma shi ne ke tona buƙatar da ke ta dawowa. Idan abu ɗaya ya fito sau uku a jere da bayani iri ɗaya, rubutu ya gaza a kansa. A zauna a yi magana baki da baki, kuma a sa rufe buƙatar cikin zaɓuɓɓuka, domin gyaran da ya yi wata guda ba wanda ya matsa a kansa, wataƙila ba a bukatarsa kuma.

Batun suna yana son kulawa. Dole saƙo ya faɗi a hannun wa abu yake, in ba haka ba bai yi aikinsa ba. Amma akwai bambanci tsakanin "tana jiran mai kula da rumbu, yana hutu" da "wane ya riƙe mana aiki kwana bakwai". Na farko yana bayyana hali, na biyu ƙara ce. Shi ya sa nake ganin wajibi ne ka tuntuɓi duk wanda sunansa zai fito kafin ka aika. Rabin matsalolin a nan suke warwarewa, kamar #227 da #231, kuma ba wanda zai fara jin labarin jinkirinsa daga bakin shugaba. Haka kuma ban yarda a sa teburin wa ya haɗe nawa, wa ya duba nawa ba. Da zarar mutane sun ga ana ƙirga su, za su fara sa hannu ba tare da karantawa ba, su riƙa gudun manyan buƙatu irin #221 suna tsintar ƙanana. Adadin zai yi kyau, dubawar ta mutu.

Game da rana, Litinin da safe ta fi Juma'a da yamma. Saƙon Juma'a yana isa lokacin da ba wanda zai ɗauki mataki, kuma kafin Litinin wani abu ya canja a ciki. Ka kuma sake gudanar da umarnin daf da aikawa, musamman idan ka ga `UNKNOWN` a wani layi, domin wannan yana nufin GitHub bai gama lissafa matsayin ba, kuma jim kaɗan zai canja.

Sai iyakar saƙon, wadda ya kamata a faɗa ƙarara. Mako guda ya yi nisa ga abu mai zafi. Mabuɗin #233 ya ƙare ranar Alhamis; kamata ya yi shugaba ya ji ranar Alhamis, daga bakin wanda ya fara gani. Idan mutane suka fara ajiye matsala suna cewa ai za ta fito a saƙon Litinin, saƙon ya koma sanadin jinkirin da aka ƙirƙire shi don magancewa. Tunatarwar yau da kullum aikin na'ura ce, kuma GitHub yana iya aika ta zuwa Slack a lokacin da kuka zaɓa. Saƙon mako na abin da ya tsallake wannan ragar ne. Haka nan idan buƙatun mutane da ke buɗe sun kai arba'in a tawagar mutum shida, ba salon rubutu ne zai cece ku ba. Kuna buɗe aiki fiye da yadda kuke iya dubawa, kuma wannan shi ne abin da layin farko na saƙon ya kamata ya faɗa.

Litinin mai zuwa, kafin ka rubuta komai, buɗe akwatin bincike ka sa `is:pr is:open review:approved`, ka bi abin da ya fito ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi mai kowacce me ya hana ta shiga. Da amsoshinsu za ka fara saƙon.